Sanarwar canjin lokacin tashi ko ranar hutu: kurakuran da makarantu suka fi yi da yadda za a gyara

Wannan magana da ku nake, hedimastoci da firinsifal da sakatarorin ofis da duk wanda ake ce masa "rubuta wa iyaye sanarwa yanzu yanzu". Canja lokacin tashi ko ranar hutu abu ne da ke faruwa a kowace makaranta, ba laifi ba ne, amma yadda ake rubuta sanarwar shi ne ke jawo yaro ɗan shekara shida ya zauna a bakin get awa ɗaya da rabi yana jira, ko uba ya nemi izini a wajen aiki ya taho ya tarar ba a tashi ba. Ku a ofis jadawali kuka canja, a gida kuwa tambayar ita ce waye zai je ya ɗauko yaron, ƙarfe nawa, kuma wa zai tarar a gida in ya dawo. Duk sanarwar da ba ta amsa wannan ba to akwai gyara a cikinta ko da an buga mata hatimi goma.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi. A ce makaranta ta saba tashi ƙarfe 2:00 na rana, sai ga aikin gyaran rufin wasu azuzuwa, masu aikin za su riƙa shigowa da rana, don haka na sati biyu 'yan firamare za su riƙa tashi 12:30. Ga irin abin da ake yawan turawa:

"Hukumar makaranta na miƙa gaisuwa ga ɗaukacin iyaye tare da godiya bisa haɗin kan da kuke ba mu a kodayaushe. Kamar yadda kuka sani makarantarmu ta himmatu wajen samar da ingantaccen yanayin karatu. Bisa wasu dalilai, an samu ɗan canji a lokacin tashi daga sati mai zuwa, za a riƙa tashi da wuri har sai an sake sanarwa. Muna fatan za a kiyaye. Sa hannu, Hukuma."

Babu rashin ladabi a ciki, babu ƙarya, amma ka sa kanka a matsayin uwar da ta karanta wannan a tsaye tana sauri. Ƙarfe nawa ne "da wuri"? Wane sati ne "mai zuwa"? Ɗanta na sakandare yana ciki ko ƙanensa na firamare ne kawai? Bas fa? Wa za ta kira? Ko ɗaya ba a amsa ba. Sai kowa ya shiga guruf yana tambaya, wani ya ce ya ji sha biyu ne, wata ta ce a'a ƙarfe ɗaya ne, kafin ofis ya farga an riga an yi lokutan tashi uku.

Kuskuren farko a nan shi ne binne saƙon a ƙarƙashin gaisuwa. A waya, abin da ke fitowa a saman allo kafin mutum ya buɗe saƙo layi ɗaya ne ko biyu, kuma da yawa daga nan suke yanke hukuncin buɗewa ko bari sai anjima. In layin farko godiya ce bisa haɗin kai, to saƙon ya yi kama da duk sauran saƙonnin da aka saba turowa, sai a wuce shi. Ba cewa nake a daina gaisuwa ba, sallama a taƙaice ta isa, amma kan takardar kansa ya faɗi abin da ya faru: canjin lokacin tashi, 'yan firamare, daga ranar kaza. Godiyar ta sauko ƙasa, ba inda za ta gudu.

Sai wanda ni a ganina ya fi kowanne ɓarna, wato "gobe", "jibi", "sati mai zuwa", "wannan Juma'ar". Mai rubutu yana zaune a ofis ranar Alhamis, a kansa "sati mai zuwa" a fili yake. Amma takarda ba ta tsayawa a ranar da aka rubuta ta. Yaro zai cusa ta a jaka, ba za a gan ta ba sai daren Lahadi ko ma Talata, wanda ya karanta ranar Talata kuwa "sati mai zuwa" a wajensa wani satin ne daban. Na waya ma haka, uwa ta tura wa uba, uba ya tura wa wanda ke ɗauko yaran, kuma saƙon da aka tura yana nuna lokacin da aka turo shi ne, ba lokacin da makaranta ta rubuta ba. Har akwai tsohuwar sanarwar bara da ke sake tasowa a guruf ta rikita mutane saboda babu shekara a jikinta. Gyaran ba wuya: duk rana a rubuta ta da sunanta, da kwanan wata, da sunan watan da harafi, da shekara. Litinin, 12 ga Oktoba 2026. Ita ma takardar a sa mata ranar da aka fitar da ita a sama.

Me ya sa na ce sunan wata da harafi? Saboda in ka rubuta 12/10/2026 wani zai karanta 12 ga Oktoba, wani kuma wanda wayarsa ko aikinsa ya saba masa da sa wata a gaba zai karanta 10 ga Disamba, wata biyu ke nan tsakani. Sunan rana kuma amfaninsa biyu ne, iyaye da ranakun sati suke tsara harkokinsu ba da lambobi ba, sannan yana kama kuskure. Sai dai shi ma yana da nasa tarkon. Yawanci ba a rubuta sanarwa daga farko, tsohuwa ake buɗewa a kwamfuta a canja lambobi, sai a canja kwanan wata a manta da sunan rana, ka ga an rubuta "Litinin 13 ga Oktoba 2026" alhali 13 ga watan Talata ce. Yanzu rabin iyaye za su bi Litinin, rabi su bi 13. Kafin a buga, wani mutum na biyu ya buɗe kalanda ya duba kowace rana ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rubuta ba, don shi idonsa abin da yake nufi yake gani ba abin da ya rubuta ba.

Haka shi ma lokaci. A rubuta tsohon da sabon gefe da gefe: da 2:00 na rana, yanzu 12:30 na rana. In sabon kawai aka sa, mai yara a makarantu biyu ko sashe biyu ba lallai ya gane wanne ne ya canja ba, wani ma zai ɗauka kuskuren bugu ne. Kuma a faɗi abin da bai canja ba, wannan ana yawan mantawa da shi. Da zarar an ce an taɓa lokacin tashi, tambayar da ke biyo baya ita ce to na zuwa fa? Layi ɗaya ya kashe maganar: lokacin zuwa da safe yana nan yadda yake. In akwai wata rana a sati da dama can ake tashi a wani lokaci daban, a ambace ta da suna a ce tana ciki ko ba ta ciki.

Yanzu "har sai an sake sanarwa". Na san dalilin da ya sa ake son wannan jimlar, tana kare ofis, ba a yi alkawarin komai ba. Amma ku duba abin da take yi wa mutumin da zai je ya roƙi ogansa ya riƙa fita 12:00. Tambayar farko da za a yi masa ita ce na kwana nawa, shi kuma ba shi da amsa. Neman alfarmar sati biyu daban, neman alfarmar da ba ta da ƙarshe daban. In kun san ranar ƙarshe ku rubuta ta, kuma ku ƙara ranar da za a koma lokacin da aka saba, don "zuwa 23 ga wata" yana barin shakka ko ranar 23 ɗin tana ciki. In kuwa da gaske ba ku sani ba, masu aiki ba su ba ku tabbas ba, to ku ba da ranar da za ku sake magana: wannan tsarin zai ci gaba aƙalla zuwa Juma'a 23 ga Oktoba, kuma ranar Laraba 21 ga wata za mu sanar da ku ko an ƙara ko an koma. Wannan gaskiya ce kuma mutum zai iya shiri a kanta. Sai dai in kun faɗi haka to ranar Larabar lallai ku turo saƙo, ko da saƙon "babu canji" ne.

"Bisa wasu dalilai" kuma, don Allah a rage shi. Iyaye in ba a gaya musu dalili ba za su samo nasu, kuma wanda za su samo ya fi na gaskiyar muni, daga an ce malamai ne suka yi yaji sai an ce wata cuta ce ta ɓulla. Rabin jimla ya isa: saboda gyaran rufin azuzuwa. Akwai lokacin da dalilin ya shafi wani mutum ko wani yaro, ba zai yiwu a baza shi ba, a nan a faɗi iya abin da za a iya, musamman abin da hankalin iyaye ke tashi a kai, wato ko lafiyar yara da tsaronsu na ciki ko babu. In kuma umarni ne daga hukumar ilimi da ke sama da makaranta, a faɗi haka ƙarara, yana rage wa malaman aji shan tambayoyi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne sanarwar da ta yi shiru a kan yaron da ba a zo ɗauka ba. Komai kyawun rubutu, ranar farko sai an samu waɗanda saƙon bai kai gare su ba, waya ta lalace, data ta ƙare, takarda na cikin jaka, ko kuma mutum ya gani amma ba yadda zai yi ya bar wajen aiki. To ina waɗannan yaran za su zauna daga 12:30 zuwa 2:00, kuma wa ke kula da su? Wannan shawara ce da ya kamata a yanke kafin a taɓa biro, ba ranar da abin ya faru ba a bar mai gadi da yara a bakin get, a misalinmu ma ga masu aiki suna shiga da kwano da katako. A ware aji ɗaya, a sa malami mai kula, a rubuta a sanarwa har ƙarfe nawa za a riƙe su. Ga kuma gidan da ke da babba a sakandare da ƙarami a firamare, wanda dama babban ne ke rako ƙaramin gida. In an sallami ƙaramin 12:30 babban sai 2:00, an raba su ke nan, dole sanarwa ta ce ƙaramin zai iya jiran yayansa. Bas ɗin makaranta, lesin na yamma, wasanni bayan tashi, duk wanda ya shafi makarantarku a ba shi layi ɗaya.

Ga yadda waccan sanarwar za ta koma in an gyara ta:

"Canjin lokacin tashi na 'yan firamare (aji 1 zuwa 6). An fitar ranar Litinin, 5 ga Oktoba 2026.

Iyaye masu girma, daga Litinin 12 ga Oktoba zuwa Juma'a 23 ga Oktoba 2026, 'yan firamare za su riƙa tashi ƙarfe 12:30 na rana maimakon 2:00 na rana, saboda gyaran rufin azuzuwa. Za a koma tashi 2:00 ranar Litinin 26 ga Oktoba 2026. Lokacin zuwa da safe bai canja ba. 'Yan sakandare suna nan a lokacinsu. Bas ɗin firamare zai tashi 12:45. Babu lesin na yamma a waɗannan kwanaki. Yaron da ba a samu damar ɗauka 12:30 ba, ko mai jiran yayansa, zai zauna a ɗakin karatu tare da malami har 2:00. Mai tambaya ya kira ofis a lambar da ke ƙasa daga 8:00 na safe zuwa 2:00 na rana. Mun gode."

Sai sunan wanda ya sa hannu da muƙaminsa da lambar ofis. Ta fi ta farkon tsawo, amma ko wanda ba ya guruf aka miƙa wa ita zai san abin yi. Ku lura da ranar fitarwa, sati guda cif kafin canjin ya fara. In ba gaggawa ba ce kamar ambaliya ko wani haɗari, tura sanarwa da daddare a ce gobe za a fara zalunci ne ga masu aiki, kuma mafi munin lokaci shi ne yammacin ranar ƙarshe ta sati bayan an kulle ofis, lokacin da babu wanda zai ɗaga waya har sai ranar da canjin ya fara aiki. Maganar "Sa hannu, Hukuma" kuwa, hukuma ba ta ɗaga waya, kuma takardar da ba suna ita ce ta fi sauƙin ƙirƙira, kowa zai iya buga irinta ya ce an ba da hutu.

Canjin ranakun zango yana da nasa rikicin daban. "Za a rufe makaranta ranar 11 ga Disamba", to ranar 11 ɗin za a zo ko ba za a zo ba? Wasu za su fahimci ita ce ranar ƙarshe ta karatu, wasu su fahimci ita ce ranar farko ta hutu. A raba su: ranar ƙarshe da yara za su zo ita ce Juma'a 11 ga Disamba 2026, maimakon Juma'a 18 ga Disamba da ke cikin kalandar da aka raba tun farkon zango, kuma ranar za a tashi ƙarfe kaza. Ranar dawowa ma haka, a makarantar da ke da 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo ranaku biyu ne, misali 'yan kwana su dawo Lahadi 10 ga Janairu 2027, a shiga aji Litinin 11 ga wata, in aka rubuta ɗaya kawai sai wani ɓangaren ya yi kuskure. Sannan matso da hutu da sati guda yana jan wasu abubuwa, jarrabawa ta matso, ranar karɓar sakamako ta matso, wa'adin biyan kuɗin makaranta wataƙila ya canja wataƙila bai canja ba. In ba a faɗa ba kowanne sai ya zama kiran waya. Wasu iyayen ma sun riga sun yanki tikitin tafiya bisa tsohuwar kalandar, ya kamata a ce musu wa za su gani.

Hanyar turawa ita ma tana kashe sanarwa mai kyau. Ana ɗaukar takarda hoto a karkace, da inuwar hannu a kai, a jefa a guruf, ko a tura PDF kawai wanda mai ƙaramar waya ko ƙarancin data ba zai buɗe ba, kuma rubutun da ke cikin hoto ba ya fitowa in mutum ya zo yana neman kalmar "tashi" a guruf bayan kwana biyar. A tura hoton mai hatimi don shaida, amma a rubuta ainihin saƙon da rubutu a ƙarƙashinsa. A WhatsApp admin zai iya maƙale saƙo a saman guruf na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30, a yi amfani da wannan don kar ya nutse a cikin "mun gode" guda hamsin. Saƙon murya yana da amfani ga iyayen da karatu ke ba su wahala, amma ya zama ƙari ne a kan rubutu, kuma a karanto abin da aka rubuta daidai, kar a yi shi da ka. Masu tura SMS kuma ku sani saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya irin ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, sauran ya tafi a saƙo na biyu da na uku, don haka lokaci da rana su zo a farkon farko.

Kafin saƙo ya fita waje, na cikin gida su fara sani. Abin kunya ne uba ya tambayi malamar aji ta ce ita ma ba ta ji ba, ko direban bas ya zo 2:00 yadda ya saba, ko mai gadi ya ƙi buɗe get don ba wanda ya gaya masa. Malaman aji, mai gadi, direbobi, wanda ke ɗaga wayar ofis, duk a ba su rubutun iri ɗaya. Ga ƙananan azuzuwa kuma kar a dogara da "an tura a guruf", a sa 'yar takardar da za a yage a sa hannu a dawo da ita, malamin aji ya duba rajista ya ga su waye ba su dawo da ita ba, waɗannan a kira su a waya kwana biyu kafin ranar. A nan ne za a gano lambobin da suka daina aiki, da gidan da sunan uba ne a guruf alhali kaka ce ke zuwa ɗaukar yaro.

To in an riga an tura sai aka ga kuskure fa, ko aikin rufin ya ƙara sati? Abin da ake yawan yi shi ne a gyara saƙon a ɓoye ko a goge a sake turawa ba tare da an ce komai ba. WhatsApp minti 15 kawai yake bayarwa a gyara saƙo, kuma ko an gyara, wanda aka riga aka tura wa wasu ko aka ɗauka hoto yana nan da kuskurensa yana yawo. Yanzu takardu biyu ne a hannun mutane masu kama da juna, ba wanda ya san wacce ce ta ƙarshe. A fitar da sabuwa da kalmar GYARA a samanta da sabuwar ranar fitarwa, a ce wannan ta soke sanarwar ranar 5 ga Oktoba, a nuna ainihin abin da ya canja, ranar komawa lokacin da aka saba ta tashi daga Litinin 26 ga Oktoba zuwa Litinin 2 ga Nuwamba 2026, sannan a maimaita dukkan bayanin gaba ɗaya har bas da ɗakin jira, don kar mutum ya buƙaci haɗa takardu biyu kafin ya gane. Kuma ta bi duk hanyoyin da ta farkon ta bi, in an raba takarda a aji to gyaran ma a raba shi a aji, a cire tsohuwar daga allon sanarwa da bakin get, a maƙale sabuwar a guruf a madadin waccan.